Inda aka yanka fim ba nan labari yake ba

Fim ɗin da ake haskawa da hoto 25 a kowace daƙiƙa, idan ya kai minti 40, hotuna 60,000 ke nan jere. Babu mai haɗa kundin finafinai, ko mai rubuta bayanin abin da ke faruwa domin makafi, da zai zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Dole a tsamo 'yan kaɗan su wakilci sauran, kuma ban ga laifin hakan ba. Abin da nake ja da shi shi ne yayin da ake yi yanzu na barin manhaja ta tsamo hoto a duk inda aka yanka, a ɗauka aiki ya ƙare.

Ga umarnin da aka fi yawo da shi a manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i fim.mp4 -vf "select='gt(scene,0.4)'" -vsync vfr h%04d.jpg
```

Manhajar tana gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi, ta ba bambancinsu maki daga 0 zuwa 1. Duk wanda ya haura 0.4 sai ta ajiye shi. Wato sauyin launi da haske take aunawa, ba ta san mutum ba, ba ta san niyyarsa ba.

Mu ɗauki misali da irin fitowar da muka saba gani a finafinan Kannywood masu dogon zango. Miji da mata suna cacar baki a falo tsawon minti biyar, kyamara tana komawa kan mai magana kusan duk daƙiƙa huɗu. Manhaja za ta iya ba ka hotuna wajen 75, alhali fuskoki biyu ne kawai da kujera guda. Daga nan sai a koma kicin, an kafa kyamara wuri ɗaya tsawon daƙiƙa 50. Da farko babu kowa. Can sai kishiya ta shigo, ta barbaɗa wani abu a kofi, ta fice. Hotuna 1,250 ne suka wuce a nan, amma da yake bango da kwanuka ba su motsa ba, makin bai taɓa kusantar 0.4 ba bayan yankan farko. Hoto ɗaya za ka samu, na kicin da babu kowa a ciki. Mai rubuta bayani zai rubuta "kicin", ya wuce. Makahon da ya dogara da wannan bayani ya rasa abin da sauran labarin ya rataya a kai, domin fitowar ba ta da magana ko ɗaya da kunnensa zai kama. Wannan ne yake damuna ƙwarai, don wanda aka yi aikin dominsa shi ne ba zai iya gane an tauye shi ba.

Rage makin ba ya magance matsalar. Ka mai da shi 0.1, walƙiyar fitila da rawa a cikin waƙa za su cika maka ma'aji da hotuna masu dishi-dishi, kicin kuma mai yiwuwa yana nan da hotonsa ɗaya.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a haɗa yanka da agogo:

```
select='gt(scene,0.4)+isnan(prev_selected_t)+gte(t-prev_selected_t,10)'
```

Ma'anarsa, a ɗauki hoto idan an yanka, a kuma ɗauka idan daƙiƙa 10 sun shige ba a ɗauki komai ba. Yanzu kicin zai ba da hoto biyar, kuma da wuya a rasa kishiyar a ciki. Hotunan falo kuwa sai a kwatanta su da juna, a zubar da masu kama, a bar uku ko huɗu. Idan da hali, a fi son hoton tsakiyar ɗauka a kan na farkonta, domin na farko yakan zo kafin ɗan wasa ya shiga ko kyamara ta daidaita. Manhajar PySceneDetect ma tana ajiye hoto uku a kowace ɗauka: farko, tsakiya da ƙarshe.

Ko da haka, akwai gibi. Barbaɗa magani bai fi daƙiƙa uku ba, zai iya faɗawa tsakanin hotuna biyu, a ga mace a kicin ba a ga abin da ta yi ba. Saboda haka kafin a fara rubutu, a jera ɗaukokin bisa tsawonsu. Duk wadda ta wuce rabin minti, musamman idan babu magana a cikinta, mutum ya kalle ta da idonsa daga farko har ƙarshe. Darakta ba ya riƙe kyamara shiru haka kawai, kuma irin waɗannan ɗaukoki ba su da yawa a fim guda, kallonsu 'yan mintuna kaɗan zai ci.