Faifai Biyu, Sojoji Biyu

Zazzaɓin Lassa da tarin fuka duk sanannu ne a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, amma jiki ba hanya ɗaya yake kai ƙararsu ba. Sojojin jini da ake kira T ba sa iya leƙa cikin ƙwayar halitta, wato sel. Sai sel ɗin ya ɗora ɗan guntun furotin a kan wani mazubi mai suna MHC, kamar mai talla da faifanta, ya fito da shi waje su duba.

Ɗauki bairas ɗin Lassa da ya shiga sel ɗin hanta yana ƙera furotin ɗinsa a ciki. Wata na'ura mai siffar ganga, furotiyasom, tana daddatsa furotin ɗin. Wata ƙofa mai suna TAP ta tura guntayen zuwa ɗakin da ake harhaɗa MHC aji na ɗaya. Ramin wannan mazubi a toshe yake ta gefe biyu, don haka gajeren guntu yake karɓa, mai ɗigon amino asid 8 zuwa 10. Wanda bai sami kaya ba, ba a barinsa ya fita. Kowane sel mai cibiya yana wannan aiki dare da rana, ko da lafiyarsa lau. Mai duba wannan faifai shi ne T mai alamar CD8, kuma in ya ga baƙon guntu, huda sel ɗin yake yi ya kashe shi.

Aji na biyu na abin da aka haɗiyo daga waje ne, kuma ƙwararru kaɗan ke riƙe da shi: makurofaj, sel ɗin dendirit da sel ɗin B. Makurofaj a huhu ya haɗiye ƙwayar tarin fuka cikin wata jaka mai tsami, inda ake narka furotin. Dabarar da ta fi burge ni a nan take. A ɗaki ɗaya ake ƙera aji biyun, to me ke hana na biyu kwasar kayan na ɗaya? Tun a can ake toshe raminsa da wani furotin. Sai ya isa jakar a gutsure marfin, saura ɗan guntu mai suna CLIP, sannan wani furotin mai suna HLA-DM ya zare shi, guntun cuta mai ɗigo 13 ko fiye ya zauna. T mai alamar CD4 ke karanta wannan. Yawanci ba ya kisa. Umarni yake bai wa makurofaj ya ƙara wuta, domin ƙwayar tarin fuka ta iya hana jakar yin tsami.

Shi ya sa likita ke damuwa da ƙidayar CD4 ga mai ɗauke da HIV. Ta mai lafiya tana tsakanin 500 da 1,500 a kowace mikirolita ta jini. In ta faɗi ƙasa da 200, makurofaj na nan yana miƙa faifansa, amma masu karantawa sun yi ƙaranci, sai tarin fuka ya sami sarari.