Mai Hawan Dutse a Mafarki: Ɗaukaka ko Wahala?

Ƙananan littattafan fassarar mafarki da ake shimfiɗawa a ƙofar masallatan Juma'a sukan gama da wannan babi a layi ɗaya: wanda ya ga yana hawan dutse ko matakala zai sami ɗaukaka. Shi ke nan. Amma manyan littattafan da aka tsakuro su daga ciki ba su yi wannan gaggawar ba, musamman idan hawan ya zo da haki da nauyin ƙafa.

Tushen biyu ne. Akwai littafin da ake jingina wa Muhammad bin Sirin, tabi'in Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ko da yake masu bincike sun nuna cewa wasu ne suka tattara shi ƙarnoni bayansa. Akwai kuma Ta'aɗirul Anam na Abdulgani Annabulsi, malamin Dimashƙa da ya rasu a 1731, wanda ya jera abubuwan mafarki bisa haruffa. A cikinsu dutse yakan tsaya a madadin sarki ko wani babba mai ƙarfin iko da taurin zuciya. Saboda haka hawansa neman wani abu ne a hannun mai iko, kuma neman na iya ƙarewa ta kowace fuska. Wanda ya kai ƙololuwa ya zauna daram, ana yi masa bushara da muƙami. Wanda ya yi ta fama bai kai ba, sau da yawa fassararsa baƙin ciki ce da ɗawainiya, domin malaman suna tuna ayar Suratul Muddassir da ta ambaci hawa mai wuya a matsayin azaba. Suna kuma tuna ɗan Annabi Nuhu, wanda ya dogara da dutse ya kuɓutar da shi daga ruwa, ya halaka.

A nan na ga rauni a fassarar zamani. Mu yanzu mun ɗauka cewa gumi alamar nasara ce mai zuwa, wai in an sha wuya a sha daɗi. Tsofaffin ba su ɗauki wahalar hawa a matsayin alkawari ba. Sun ɗauke ta wahala, sai in ƙarshen mafarkin ya nuna akasin haka.

A ɗauki ma'aikacin gwamnati da ya daɗe a mataki na tara, jarrabawar ƙarin girma ta ƙarato, ya ga yana hawan benen sakatariya, ƙafafunsa kamar an ɗaura musu turmi, ya farka bai kai ba. Mai fassara na ƙwarai ba zai buɗe littafi ba tukuna. Zai fara tambayarsa da tunanin me ya kwanta, domin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Mutumin da ya wuni yana lissafin albashin mataki na goma, ya kwana yana hawan ainihin benen da yake hawa kullum, nasa ya fi kama da kashi na uku, kuma wannan kashin ba a fassara shi. Idan kuwa abin da ya hau baƙo ne gare shi, sai a bi diddigi: ya kai ko bai kai ba, ya zauna ko ya gangaro, me ya tarar a sama, kuma shi ɗin ya cancanci abin da yake nema? Tambayar ƙarshe ita ce mai ɗaci. An ruwaito cewa mutum biyu sun gaya wa Ibn Sirin sun yi kiran salla a mafarki, ya yi wa ɗaya albishir da aikin Hajji, ya ce ɗayan za a kama shi da sata, saboda bambancin da ya gani a halinsu. Ɗan littafin bakin masallaci ba ya ganin fuskar mai saye.

Masana halayyar ɗan Adam na Turai ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Sigmund Freud, mai littafin fassarar mafarki na 1900, ya karkatar da hawan matakala zuwa sha'awar jima'i, fassarar da ta fi bayyana ra'ayinsa fiye da mafarkin. Alfred Adler, wanda ya rabu da shi a 1911, ya fi kallon mafarki ta fuskar burin mutum na fita daga ƙasƙanci, kuma nasa ya fi zama daidai da halin ma'aikacin nan.

Nauyin ƙafar kuwa yana da bayani a jiki. A lokacin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa, ƙwaƙwalwa takan sassauta tsokoki har su daina amsa umarni, don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wasu masu bincike na ganin wannan ne ke shiga mafarki a matsayin ƙafar da ta ƙi ɗaguwa, kuma idan mutum ya farka sassaucin bai sake shi ba, shi ne abin da muke kira dannau. Wanda kuma hakin hawan ke tashinsa dare bayan dare, ga minshari mai ƙarfi, ga gyangyaɗi da rana, ya kamata likita ya duba ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci kafin a kai maganar gaban malam.