Facin keke a Jahun: sana'ar da gwaninta ke wajen karanta huda

A ƙasar Jahun, daga cikin gari zuwa Harbo da Aujara, da yawa daga masu facin keke manoma ne. Da damina suna gona, sai da yamma ko ranar kasuwa su shimfiɗa buhu a gindin darbejiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka dawo kan hanya, aikin kuma ya ƙaru. Jarin duka bai cika jaka ɗaya ba: famfo, sufana, filaya, almakashi, samfefa, sholisho, tsohon tiyub da ake yanko faci daga jikinsa, sai kwanon ruwa.

Manna faci kowane yaro zai iya koyonsa a yini guda. Inda gwani ya bambanta shi ne gane abin da ya huda tiyub ɗin. A ce mutum ya ɗauro buhun gero a bayan keke, tayar baya ta sace a hanya. Mai faci zai zaro tiyub, ya ba shi iska kaɗan, ya riƙa tsoma shi a ruwa gaɓa-gaɓa har kumfa ya taso. Daga nan sai ya duba wurin da kyau. Idan huda ɗaya ce ƙarama a bayan tiyub, ƙaya ce, ta tsidau ko ta aduwa, kuma sau da yawa tana nan maƙale a taya. Dole ya zagaya cikin tayar da yatsa ya cire ta, in ba haka ba mai keke ba zai kai gida ba. Idan hudar na ɓangaren da ke kwance a kan rim, kan sifok ne ya leƙo, sai an goge shi an rufe da zirin roba. Idan kuwa huda biyu ce a jere, rim ne ya cije tiyub saboda ƙarancin iska da nauyin kaya, wato matsalar mai buhun gero ke nan. Wannan bayan faci, sai an cika masa iska sosai.

Kuskuren da ya fi yawa gaggawa ce ke kawo shi. Bayan an kankare wurin da samfefa, sholisho kaɗan ake shafawa a tiyub da facin, a jira 'yan mintoci har ya daina sheƙi, sannan a haɗa a danne. Wanda ya lafta shi da yawa ya manna da danshi, zafin rana zai ɗaga gefen facin.

Ni dai na fi girmama mai facin da zai ce, "Malam, wannan ba ya facuwa." Idan tsagar ta kama gindin bawul, ko sabuwar huda ta faɗo a gefen tsohon faci, ko robar ta tsufa tana tsattsagewa in an ja ta, sai dai a sayi sabon tiyub, ko da kuwa hakan zai hana mai facin kuɗin aikin ranar.