Yadda 'Yan Zango Ke Furta So da Yarbanci da Harshen Ibo

Auren da ya haɗa yare biyu ba baƙon abu ba ne a zangunan arewacin Gana. Salaga ta yi zamaninta tana babbar kasuwar goro, fatake daga Kano da Katsina da Barno suna sauka su daɗe, wasu su yi aure su zauna, har yaƙin basasar 1892 ya watsa da yawansu zuwa Karaci da Yeji da Kumasi. Yendi na kan tsohuwar hanyar fataken nan, Bawku kuma kasuwa ce ta bakin iyaka inda Hausa ke haɗa mai saye da mai sayarwa. A zamanin Turawa Yarbawa suka kwararo arewacin ƙasar da tireda, galibinsu daga Ogbomosho da Shaki da Igboho da Igbeti, suka kafa shaguna. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a watan Nuwamba 1969 ta mayar da akasarinsu Najeriya, amma an bar dangi da surukai, wasu kuma sun dawo daga baya. 'Yan kasuwar Ibo ma suna shigowa da nasu kayan. Don haka akwai gidajen da ake cefane da Hausa, a gaida maƙwabta da Dagbanci ko Kusanci, amma maganar da ke sanyaya zuciyar miji ko mata sai da harshen da uwa ta yi masa reno da shi.

Masu iya wannan magana suna burge ni ƙwarai, musamman matan zango da suka auri Yarbawa. Haddace jimla aikin minti biyar ne. Abin da suka ƙware a kai shi ne sanin wa ake gaya wa, da wace murya, kuma wa ke zaune kusa yana saurare.

A ɗauki misalin yarinyar Yendi da ta tashi da Hausa da Dagbanci, ta auri Bayarbe wanda kakanninsa suka fito daga Ogbomosho, uwarsa kuma tana gida ɗaya da su. Jimlar da kowa zai fara koya mata ita ce “Mo nífẹ̀ẹ́ rẹ”, wato ina son ka. Daidai take, ba aibi. Sai dai “rẹ” ɗin nan na tsara ne ko na ƙasa da kai. Bayarbe yana girmama babba da lamirin jam'i, kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo “kun wuni lafiya”, amma a wurinsa abin ya fi tsanani, don ko yayanka da ya ba ka 'yan shekaru yana da wannan haƙƙi. A gidajen da ke riƙe da al'ada mace tana yi wa mijin da ya girme ta magana da “ẹ” da “yín”, shi kuma ya yi mata da “o” da “rẹ”. Saboda haka abin da ya dace da bakinta shi ne “Mo nífẹ̀ẹ́ yín”. Matasan ma'aurata da yawa sukan yi wa juna “o” idan suna su biyu, kuma ba laifi. Gwanintar ita ce ta san inda za ta sauya. Da surukarta ta leƙo tsakar gida, sai ta koma “ẹ” ba tare da ta yi tuntuɓen harshe ba. Idan ta kuskure za ta gane nan take, don tsohuwar za ta maimaita jimlar a gyare, kamar tana magana da kanta.

Ita kanta jimlar ta so ba a yawan furta ta a irin wannan gida, kuma ba a faɗinta gaban manya. A nan kunyar Bayarbe da ta Bahaushe sun yi daidai. Son yana fitowa ne ta gaisuwa. Maigida ya dawo daga Tamale da yamma, ƙura ta rufe masa gira, yana sauke jaka a bakin ƙofa. Ta ɗan rusuna ta ce “Ẹ káàbọ̀, olówó orí mi”: sannu da zuwa, wanda ya biya sadakina. Ya amsa da “Kú ilé”, sannu da gida. Tana miƙa masa ruwa ta ce “Ṣé ẹ ti jẹun?”, kun ci abinci? Surukar da ke kan tabarma ta ji duka, babu abin da zai sa ta kau da kai, mijin kuwa ya ji abin da aka gaya masa. Wannan “olówó orí mi” kirarin mace ne ga mijinta kaɗai. Namijin da ya tsince shi a fim ya je ya gaya wa matarsa ya juya maganar sadaki ke nan. Shi abin da ke nasa shi ne “ìyàwó mi” ko “aya mi”, matata, da kuma “olólùfẹ́ mi” da “àyànfẹ́ mi”, masoyiyata da zaɓaɓɓiyata, waɗanda kowane ɓangare zai iya faɗa.

Wurin da ake sha wuya shi ne karin sauti. Hausa tana da hawa da sauka, shi ya sa kukan yaro ya bambanta da kukar miya. Yarbanci yana da mataki uku: sama, tsakiya, ƙasa, kuma na tsakiyan ne kunnen Bahaushe bai saba da shi ba. “Ọkọ mi”, mijina, ana faɗinsa a shimfiɗe, murya ba ta hawa ba ta sauka. Idan gaɓa ta biyu ta faɗi ƙasa ya zama “ọkọ̀”, mota ko jirgi. Idan ta haura ya zama “ọkọ́”, fartanya. Idan kuma aka rufe wasalin ya zama “o” irin na Hausa, an tafi gona, kuma da ɗan hawan murya a ƙarshe an ambaci al'aurar namiji. Haka “Àárò yín ń sọ mí”, ina kewarku, wadda mace za ta faɗa a waya idan tafiya ta yi tsawo: ɗigo ɗaya a ƙarƙashin wasalin ƙarshe ya mayar da kewa “àárọ̀”, safiya. Masu koyar da Yarbanci suna rera matakan da do, re, mi, kuma matan da suka iya sukan fara ne da gunjin kalmar baki rufe har karin ya zauna, sannan su sa haruffa.

Ɗan arewacin Gana yana da wata riba da Bakano ba shi da ita. Wasulan da Yarbawa ke sa wa ɗigo, “ọ” da “ẹ”, su ne “ɔ” da “ɛ” da yake ji kullum a Dagbanci da Asantanci. Harafin “p” na Yarbanci kuwa “kp” ake furta shi, leɓe da ganɗa a lokaci guda. Yaron Salaga da ya tashi yana kiran Kpembe, garin sarautar Gonjawa da ke gab da su, ba ya neman malami kafin ya ce “pẹ̀lẹ́”, sannu, yadda ya kamata.

Ga namijin da ya auro Bayarbiya, abin da na fi jin daɗinsa shi ne sunan kirari, “oríkì”. Banda sunan yanka, iyaye sukan ba ɗiya wani suna na lallashi, irin su Àdùkẹ́, wadda ake rige-rigen riritawa, ko Àbíkẹ́, wadda aka haifa don a ririta ta. Ba a ƙirƙirarsa, kuma ba a ari na wata. Mai hankali yakan je wurin uwarta ko kakarta ya gaida su, ya tambaya, ya sa a maimaita masa har ya kama karin. Ba suna ne na “kawo min ruwa” ba. Ana ajiye shi don ranar godiya ko ranar biko, kuma matar da ta ji shi a bakin mijin da ba yarensu ɗaya ba ta san ya taka har gidan tsofaffinta kafin ya samo shi.

Harshen Ibo yana da nasa tarkon, kuma wanda ya saba da Yarbanci ne ya fi faɗawa ciki. “Ahụrụ m gị n'anya” ita ce ina son ki ko ina son ka, don “gị” ba ya bambanta mace da namiji. A zahiri cewa take yi na gan ka a ido, kuma idon nan shi ne kan maganar: wanda ya tsaya a “Ahụrụ m gị” ya ce ne kawai na gan ka, kamar mai ba da labarin wanda ya hanga a kasuwar Bawku. Amsarta ita ce “Ahụkwara m gị n'anya”, ni ma haka. Idan abokin zaman daga yankin Onica yake, za a ji “afụlụ” a maimakon “ahụrụ”, kuma ya fi kyau a bi bakin garinsu a kan na littafi.

Tarkon shi ne jam'in girmamawa. Ibo ba su da shi. “Gị” ake ce wa yaro, shi ake ce wa tsoho. Wadda ta ɗauko ladabin Hausa ta ce wa mijinta “Ahụrụ m unu n'anya” ta gaya masa tana son su duka, shi da wasu. Girmamawar Ibo tana cikin sunan da aka kira mutum da shi: “di m ọma”, mijina nagari, ko “nna anyị”, ubanmu, wanda matan zamanin da sukan kira maigida da shi. Miji kuma yakan ce “obi m”, zuciyata, ko “nkem”, tawa, har ma “nne”, uwa, wanda kunnen ɗan zango kan ji banbaraƙwai da farko alhali tausasawa ce tsantsa. “Agụụ gị na-agụ m”, yunwarka nake ji, ita ce kewa, amma maganar ɗaki ce, ba ta gaban surukai ba. Gaban mutane “I riela nri?”, ka ci abinci, tana isar da saƙon.

Sai kuma “sannu”, wadda Bahaushe ke aikawa ko'ina. “Pẹ̀lẹ́” ta Yarbanci tana ɗaukar da yawa daga cikin ayyukanta, amma a harshen Ibo an raba su. Wanda ya dawo daga tafiya “nnọọ” ake ce masa. Wanda aka tarar yana aiki a ce “jisie ike”, wanda ya yi maka alheri a ce “daalụ”. “Ndo” ta mai ciwo ce, ko wanda ya yi tuntuɓe ko ya yi rashi. Matar da ta tari mijinta a ƙofa da “ndo” bayan ya wuni lafiya a shago za ta ga ya tsaya yana tambayar abin da ya faru a gida.