Jinkirin Mai Gadi: Kariya ga Tsohon Injin Yanayi

Duk lokacin da abokin gaba a wasan bidiyo ya tsaya wuri guda yana karkarwa, ya juya kan ɗan wasa, ya juya kan hanyar sintiri, sai ka ji masu sukar injin yanayi sun ce ai tsari ne na da, a koma bishiyar halayya. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Injin yanayi ne ya tafiyar da fatalwan Pac-Man a 1980, da sojojin Half-Life a 1998. Bishiyar ta yi suna ne bayan Halo 2 na 2004, kuma ita ma tana karkarwa muddin aka ba ta sharaɗi mai iyaka ɗaya. Ciwon yana cikin sharaɗin.

A ɗauki mai gadi da aka ce masa ya bi ɗan wasa idan ya gan shi, amma kada ya wuce mita 15 daga wurin gadinsa. Yana gudun mita 3 a daƙiƙa, wasan kuma yana tafiya firem 60 a daƙiƙa, ke nan santimita 5 a kowane firem. Ɗan wasa ya tsaya can gaba, a fili. Mai gadi ya kai mita 15.02, sai ya koma sintiri. Taku ɗaya baya, yana 14.97, ga ɗan wasa a gabansa, sai kora ta dawo. Haka zai yi ta yi sau 60 a daƙiƙa. Motsin jikinsa yana farawa daga farko kowane juyi, ana sake lissafa masa hanya, in akwai ihun "na gan ka" sai ya yi ta maimaituwa. Gane ciwon ba wuya: a sa wasan ya rubuta layi a duk canjin yanayi. In sunaye biyu suna musanya a jere, an kama shi.

Magani na farko shi ne raba ƙofar shiga da ta fita: ya daina kora a mita 15, amma kada ya sake farawa sai ya dawo cikin mita 12. Haka dutsen guga na lantarki yake yi, zafin da yake kashe kansa daban, wanda yake kunnawa daban. Sai dai a lura, ratar mita 3 daƙiƙa ɗaya ce kawai a ƙafar wannan mai gadi. In ɗan wasa bai gusa ba, zai riƙa kai da komo duk daƙiƙa biyu. Nan sai an ƙara yanayi na uku, komawa gida, wanda ba ya katsewa sai ya isa ko an kai masa hari.

Ni dai ratar lokaci ce ta fi burge ni, domin ita ce maganin gani. Nisa yana da tsaka-tsaki, gani kuwa e ne ko a'a, babu inda za a sa iyaka biyu. Ɗan wasa yana gudu bayan ginshiƙai, layin gani yana yankewa yana haɗuwa, mai gadi yana mantawa da shi a kowane ginshiƙi. Ga gyaran a Unity:

```
if (canSee) lostTime = 0f;
else lostTime += Time.deltaTime;

if (state == State.Chase && lostTime > 2f)
    state = State.Patrol;
```

Layin farko shi ne zuciyar abin. Gani ko na firem ɗaya yana mayar da agogo sifili, saboda haka sai ɗan wasa ya ɓace daƙiƙa 2 cur babu yankewa kafin a rabu da shi. Wanda ya bar wannan layi, ƙananan ɓacewa za su taru, mai gadi ya juya baya alhali yana dab da kama mutum. Ƙirgawa da `Time.deltaTime` kuma tana sa jinkirin ya zama ɗaya a wayar da ke yin firem 30 da kwamfutar da ke yin 120. Jinkirin a kan fita kaɗai yake. Masu ɗora shi kan kowane canji suna samar da dolo, wanda zai kalle ka daƙiƙa biyu kafin ya motsa. Masu rage yawan duba sharaɗi kuwa sun rage saurin karkarwar ne kawai.

To me mai gadi yake yi cikin daƙiƙun nan biyu? Ya nufi inda ya yi wa ɗan wasa ganin ƙarshe. Kada a bar shi yana bin ainihin inda yake, domin wannan gani ne ta cikin bango, kuma 'yan wasa suna gane maguɗi nan take. Da wannan ƙaramin lissafi mai gadi ya sami abin tunawa, har ya yi kama da mai naci. Metal Gear Solid na 1998 ya fito da agogon nan fili a kan allo, ɗan wasa yana ɓoye yana kallon lamba tana sauka kafin sojoji su koma sintiri, kuma fargabar wasan a nan take. Daƙiƙa 1 tana ba ka malalacin mai gadi, daƙiƙa 8 tana ba ka mafarauci. Don haka lambar nan ta mai tsara wasa ce, a fito masa da ita inda zai iya murɗawa, kada a binne ta cikin kod.