Ɗinkin Faransa na shifon ne, a bar wa wando nasa

Duk wanda ya juya cikin sabuwar riga a shagunan teloli na Birnin Kebbi ko Argungu a shekarun nan, abu ɗaya zai gani: zaren wibin ya bi kowane gefe, ko yadin shadda ne, ko kaki, ko shifon. Ba na ƙin injin wibin, don shi ke fid da tela kunya a makon Sallah. Yanzu kuma ga wani yayi a wajen matasan teloli, musamman mata masu koyo ta bidiyon waya. Sun gano ɗinkin Faransa, sun ɗauke shi alamar ƙwarewa, har ana yi wa wandon aiki. A ganina an gudu daga wani kuskure an faɗa wani, domin nauyin yadi da wahalar da tufa za ta sha su ya kamata su zaɓi ɗinki.

A ɗauki rigar shifon ko boyil marar shafi. Matsalarta ita ce ana ganin cikinta daga waje. In aka bar inci guda na rara a gefe aka bi shi da wibin, mai rigar na tsayawa a rana za a ga wani baƙin layi mai faɗi daga hammata zuwa ƙugu, da saƙar zaren a jikinsa. Ga shi shifon na da santsi, zarensa na zamewa, sai wibin ɗin ya fita da gefen gaba ɗaya bayan ’yan wanki. Ɗinkin Faransa yana kulle ɗanyen gefen ne a cikin wani siririn aljihu, kuma ga yadda ake yin sa. Wajen yanka a bar rarar 5/8 na inci. A haɗa ƙyallen biyu baya da baya, wato fuskar yadin tana waje, abin da ke ba sabon ɗan koyo tsoro don gani yake ya juya aikin. A yi ɗinkin farko 3/8 daga baki, a sa almakashi a rage rarar ta koma 1/8, a goge da dutsen guga marar zafi sosai. Sannan a juya fuska da fuska, layin ɗinkin ya zauna daidai a kan ninkin, a sake ɗinkawa a 1/4. In aka tara 3/8 da 1/4 an dawo 5/8, girman rigar bai canja ba.

Wurin ragewar nan ne aikin ya fi lalacewa. Tela mai sauri yakan tsallake almakashi, sai ɗinki na biyu ya kasa rufe rarar, gashin zare ya riƙa leƙowa ta fuskar riga a tsawon layin. Da an ga wannan gashi an san abin da ya faru, kuma tsinke shi ɗaya bayan ɗaya ba ya magani, wanki na gaba zai fito da wasu. Lahani na biyu tattarewa ce, layin ya yi ƙudundune. Yawanci allura ce ta yi kauri ko zaren ya yi tsauri. Shifon na son allura lamba 9 ko 10, da taku gajere kamar milimita 2, ba allurar da aka gama ɗinka shadda da ita ba. Ɗinkin kuma ya fi jin daɗin miƙaƙƙen layi, gefe da kafaɗa da tsawon hannu. A lanƙwasar hammata sai an ƙara sirantar da shi, in ba haka ba ya ja.

Akwai hujjar da mata ke kawowa ta ƙin ɗinkin Faransa, kuma tana da ƙarfi. A nan ana ɗinka riga ne da tunanin gobe: jiki zai ƙaru, haihuwa za ta zo, ko a ba ƙanwa. Incin nan da tela ke bari shi ake buɗewa. Ɗinkin Faransa kuwa an yanke rararsa, babu abin buɗewa. Saboda haka in rigar matsattsiya ce mai shafi, a yi wibin a bar inci, shafin zai rufe komai. In kuwa sakakkiya ce da ake ɗorawa kan wata, a yanka ta da yalwa tun farko a yi mata na Faransa.

Wando wani zance ne daban. Manomin shinkafa a fadamar Rima yini yake a tsugune cikin laka, ɗan acaɓa na hawa da sauka, masunci a Matan Fada na shiga ruwa da homa ya fito. Duk ƙarfin yana taruwa a hantsa da cikin cinya. A ɗinkin Faransa, duk da an bi layin sau biyu, na biyun kaɗai ke ɗaukar nauyi, na farkon yana ɓoye a aljihu ba ya jan komai sai ɗan’uwansa ya tsinke. Ga kuma tudun kaki ninki huɗu a tsaye cikin cinya, yana gugar fata a zafin Afrilu. Abin da wando ke buƙata shi ne kwantaccen ɗinki irin na jins. Nan ma baya da baya ake haɗawa, a ɗinka a 5/8, a rage rarar gefe ɗaya kawai zuwa 1/4, a naɗe doguwar a kanta, a kwantar a jikin wandon, a bi bakin ninkin da ɗinki na biyu. Yanzu layi biyu ne ke raba nauyin, kuma babu bakin da ke tsaye balle wanki ko gogayya su ci shi. Allura lamba 16 da taku milimita 3 sun dace da kaki mai nauyi.

Abin da ke sa teloli gudun kwantaccen ɗinki shi ne tsarin haɗawa. Ɗinki na biyu yana son yadin a shimfiɗe, ƙafar wando kuwa da an rufe ta ta zama bututu, keken gida ba ya shiga ciki da sauƙi. Kamfanonin jins suna da inji mai dogon hannu na wannan aiki, telan kasuwa ba shi da shi. Dabarar ita ce a fara da hantsar gaba da ta baya, sannan a bi cikin ƙafa a tafiya ɗaya, daga wannan idon sawu zuwa wancan, tun gefen waje yana buɗe. Gefen wajen, da ba ya shan wahala sosai, sai a yi masa ɗinkin yau da kullum da wibin, a bar rara a nan don buɗewa. Wannan wandon ya sami ƙarfi inda yake yagewa, ya kuma bar wurin gyara.

Sai a kula da inda layuka suka gitta juna a hantsa, da bakin ƙafa, inda ninki huɗu ke zama goma sha biyu in an kalmasa sau biyu. A nan allura ke karyewa ko keke ya tsallake taku, a ga dogon zare ɗaya a kan tudun. Tsofaffin teloli kan buga wurin da guduma a kan katako har ya kwanta, su cusa ninkakken ƙyalle a bayan ƙafar keken don ta daidaita, su juya wilin keken da hannu har a haye. Duka ɗinkunan biyu keken Butterfly na ƙafa yana yin su ko babu wuta. Abin da suke ci lokaci ne, kusan ninki biyu a kowane layi, kuma tela ba zai ba da wannan lokacin a kuɗin ɗinkin wibin ba. Mai kai yadi ya faɗi irin ɗinkin da yake so tun wajen awo, kafin a sa almakashi, domin rarar da za a bari ta dogara da shi.