Muɗala'a a gida, rabon gado a aji

A Zangon Kwatano yaro ɗaya yakan yini cikin harsuna huɗu. Hausa ko Dendi a gida, Fon a bakin titi da kasuwa, Faransanci a makarantar gwamnati, Larabci kuma a gaban malam. Duk wanda ya ce da irin wannan yaro ya tafi gida ya karanta bayanin darasi shi kaɗai, gobe ya zo aji a yi aiki da shi, sai ya fara sanin wace takarda ya ba shi, da wane harshe, kuma a wane lungu zai zauna ya karanta ta.

Wannan tsari na juya darasi ya yi suna ne ta hannun malaman kimiyya biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a wata sakandare da ke Woodland Park a jihar Colorado ta Amurka. A 2007 suka fara naɗar bayanin darasi domin ɗaliban da ke rasa aji, daga baya suka mayar da bayanin gida gaba ɗaya, lokacin aji ya zama na warware matsaloli. Amma ɗalibin zaure ya san rabin wannan tun kaka da kakanni. Mai karatun Ahalari ko Iziyya ko Risala ba ya zuwa gaban malam bai yi muɗala'a ba. Zai duba wajen da za a ɗora masa, ya gwada wasulla, ya gane kalmar da ta shige masa duhu. Rabi na ce, domin idan ya zauna, malam ne dai zai ja baki, ya fassara kalma bayan kalma, a shafa fatiha a tashi. Bayani ya cinye zaman. Aiki da abin da aka karanta sai dai mai rabo ya tsince shi daga baya, wataƙila ranar da aka yi rasuwa a gidansu.

Babin gado ne ya fi nuna wannan giɓi. Za ka sami ɗalibi ya sauke Risalar Ibn Abi Zaid, yana zuba maka masu rabi da masu rubu'i da ka, amma ka ajiye masa dukiya da magada biyar ya tsaya yana kallonka. A nan juya darasi yake da amfani na gaske.

A ce aji ne na Islamiyya a Zango, zama na sa'a guda. Takardar da za a tafi da ita gida kada ta wuce shafi ɗaya, kuma abu huɗu kawai za ta ɗauka: ana fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya kafin rabo, mata tana da rubu'i idan mamaci bai bar ɗa ko 'ya ba, tumuni idan ya bari, uwa kuma sudusi idan akwai 'ya'ya, abin da ya rage na 'ya'ya ne, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kamar yadda yake a aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. Sunayen kason su zauna da Larabci, amma kowanne a rubuta shi da lamba, 1/8 da 1/6 da 1/4, domin yaron ya saba da su a darasin lissafi. Bayanin kuwa a yi shi da harshen da yaron yake iya karantawa shi kaɗai. Da yawa a Kwatano suna jin Hausa sarai amma da Faransanci suka koyi karatun boko, don haka takardar Hausar boko tana iya zame musu nauyi. Malam yana iya haɗawa da saƙon murya na minti uku da Hausa a wayar iyaye.

Washegari ba a fara da bayani. Minti biyar na farko kowa ya rubuta amsar tambaya biyu a takarda: me ake fitarwa kafin rabo, kuma nawa ne kason mata idan akwai 'ya'ya. Daga nan malam zai san wanda ya karanta. Sai a ajiye mas'ala. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, bayan an biya bashi saura sefa 1,200,000. Ɗalibai su zauna uku-uku, malam yana zagayawa.

Amsa ita ce mata 150,000, uwa 200,000. Saura 850,000, a kasa shi biyar domin maza biyu kashi huɗu ne, mace ɗaya. Kowane kashi 170,000, ke nan kowane namiji 340,000, 'yar kuma 170,000. Sai dai ribar zaman tana cikin amsoshin da ba daidai ba, domin kowace lamba tana faɗin inda aka kauce. Wanda ya ba mata 300,000 ya manta akwai 'ya'ya, ko kuma bai buɗe takardar ba. Wanda ya ba uwa 175,000 ya karanta, har ya haddace, amma ya cire tumunin mata tukuna sannan ya ɗauki sudusi daga 1,050,000 da ya rage, alhali kowane kaso daga jimlar dukiya ake ɗaukarsa. Wannan kuskure ba ya taɓa fitowa a zaman fassara, domin ba a taɓa kuɗi ba. Malam zai iya shekara yana karantar da yaron nan bai san haka yake fahimta ba. Idan rukuni uku suka kawo 175,000, lokacin ne ya dace a tsayar da aji a yi bayanin minti biyar, a nuna asalin mas'ala 24, da yadda 17 da ta rage ba ta rabuwa biyar sai an ninka zuwa 120.

Inda tsarin yake rushewa ma sananne ne. Malam ya ga rabin aji bai karanta ba, tausayi ya kama shi, ya maimaita takardar daga farko. Mako biyu ya isa kowa ya gane ba sai an karanta ba, har masu ƙwazon su daina. Abin da ya fi shi ne a ware waɗanda ba su karanta ba su zauna gefe da takardar minti goma, sauran su fara aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin rashin karatun. Yarinyar da ta taso daga makaranta ta wuce rumfar uwarta, ta dawo ta ɗora girki a gidan haya mai cunkoso, ba lalaci ya hana ta ba. A da tana samun bayani daga bakin malam daidai da ɗan mai hali. Yanzu an kai bayanin inda ba ta da iko da lokacinta. Wani bincike a makarantar sojoji ta West Point a Amurka ya gano cewa a darasin lissafi tsarin ya ɗaga maki na ɗan lokaci, amma ya ƙara tazara tsakanin masu ƙarfi da masu rauni. Idan haka ta faru inda kowa yake da gado da fitila, mu ya kamata mu fi taka tsantsan. Shi ya sa nake ganin muɗala'ar ba dole sai a gida ba. A buɗe aji ko harabar masallaci tsakanin Magariba da Lisha, ɗalibi babba ya zauna da ƙanana.

Kuma ba kowane karatu ake juyawa ba. Malamin allo da ya ƙi barin yaro ya ci gaba sai an biya masa, yana da gaskiya. Kira'a daga baki ake ɗaukarta, kuma yaron da ya kwana yana maimaita aya da wasali karkatacce ya haddace kuskure, cire shi ya fi koyar da shi wuya. Gado da zakka da ƙabli da ba'adi, waɗanda ƙa'ida ce kaɗan da mas'aloli masu yawa, su ne za a ba takarda. Sabon ƙari a allo kuwa a bar shi a bakin malam.